Farin Yadi da Farar Shadda: Abin da Launi Ke Faɗa a Makoki, Biki da Kyauta a Ƙasar Gangara

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda mutanen Gangara da maƙwabtansu na gundumomin Gazawa, Agye da Gidan Rumji a jihar Maraɗi ke fahimtar launi a wajen mutuwa, aure da kyauta, ta kuma gwada hakan da al'adun mutanen da suke hulɗa da su, musamman Asantawa na Gana da ƴan Sin. Abin da take son nunawa shi ne, a wajen Bahaushe launi shi kaɗai bai cika ɗaukar saƙo ba, sai an haɗa shi da irin ƙyallen, da ɗinki ko rashinsa, da lokacin da aka kawo shi, da bakin da ya rako shi. An ɗauki fari a matsayin zakaran gwajin dafi, domin a nan ne kuskure ya fi yawa.

Gabatarwa



Gangara ƙaramar hukuma ce ta karkara da ke kusa da iyakar Nijar da ƙasar Katsina. Da tana cikin gundumar Agye, sai a 2011 da aka yanke gundumar Gazawa ta koma can. Manoma ne, amma manoman da rani ke watsawa. Da an kai amfani gida sai samari su kama hanya, wasu Maraɗi, wasu Katsina da Kano, wasu har Ikko da Kumasi. Suna dawowa da kuɗi da kaya, suna kuma dawowa da abokai da surukai waɗanda ba Hausawa ba. Dalilin da ya sa zancen launi ya zama abin a zauna a duba ke nan, ko a garin da babu kantin furanni.

Sau da yawa idan an tashi wannan zance sai a zana jadawali: fari salama, baƙi mutuwa, ja haɗari. Ina ganin jadawalin nan ya fi ɓatar da mutum a kan shiryar da shi, kuma zan fara da harshen kansa don a ga dalili.

Launuka uku a bakin Bahaushe

A 1969 Brent Berlin da Paul Kay suka fitar da nazarinsu a kan sunayen launi a harsunan duniya, inda suka ce harshen da ke da tushen sunaye uku kacal, to fari da baƙi da ja ne. Hausa ta wuce uku, amma sawun ukun nan bai ɓace ba. Yawancin sauran launukan aro muka yi daga wani abu da ido ya sani: rawaya sunan tsiron da ake rini da saiwarsa ne, sannan ga ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda. Fari da baƙi da ja kuwa su ne suka shige cikin maganar hali da zuciya. Pauline Ryan ta yi rubutu a 1976 kan launi a adabin Hausa, ta nuna fari na tafiya da abin so, baƙi da abin ƙi, ja kuma na tsakiya, yana nuna ƙarfi. Farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, jan hali da jan aiki, duk sun ba ta gaskiya.

Sai dai akwai inda lissafin ke karyewa. Matar da aka camfa aka ce farar ƙafa gare ta, ba yabonta aka yi ba, ana nufin tsiya na bin sawunta. Farin shiga bai san kan aiki ba tukuna. A ɗaya ɓangaren, baƙi shi ne harafin da almajiri ke koya a allo, kuma wanda aka ce ya iya baƙi an ɗaga shi. Rawani ɗan Kura, wanda aka rina da shuni aka buga har yana ɗaukar ido, baƙi ne ƙirin, amma kayan sarakuna ne da manyan Buzaye, kuma ba kowane aljihu ke iya ɗaukarsa ba. Wanda ya zo da jadawalinsa ya ga basarake cikin baƙin rawani ran Salla, zai ɗauka mutuwa aka yi.

Makoki: abin da ya sa ba mu da kayan zaman makoki

Baƙon da ya halarci jana'iza a Gangara zai lura cewa babu launin da aka ware. Wani da rigar gona, wani da shuɗiyar shadda, wani da farar jallabiya. Dalilin a fili yake, wato gaggawa. Wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ba wanda ke da lokacin zuwa wajen tela, kuma da mutum ya tsaya sake kaya sai ya tarar an dawo daga maƙabarta. Launi ɗaya ne tilas a wurin, shi ma na mamacin ne, wato farin likkafani. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna an yi wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sutura da fararen tufafi uku, kuma akwai hadisin Ibn Abbas da ya kwaɗaitar da sa fari da kuma suturta mamata da shi. A lura, hadisi ɗaya ne ya ba rayayye fari ya kuma ba mamaci. Saboda haka a wajenmu fari bai taɓa zama na mutuwa kaɗai ba.

Mai takaba ce kawai ke da ƙa'idar tufafi, na tsawon wata huɗu da kwana goma. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda malamanmu na zaure ke karantarwa daga Tsibiri har Tasawa, ta ce ta nisanci ado da turare da kwalli, ta kuma nisanci rinannun tufafi in ban da baƙi. Masu sharhi na mazhabar Malikiyya sun ƙara da cewa idan baƙin ya zama ado a jikin matar ko a al'adar mutanenta, to shi ma ta bar shi. Wannan ƙarin ya fi ainihin hukuncin amfani ga zancenmu, domin ya nuna abin da ake gudu shi ne ado, launi kuwa alama ce kawai da ke sauyawa daga gari zuwa gari. A Maroko mai takaba fari take sawa, a Masar baƙi, a ƙauyukanmu kuma an fi ganinta da tsofaffin zannuwan da suka koɗe. Baƙar abaya mai duwatsu da ƴanmata ke ado da ita a biki yau, ba ta cika sharaɗin takaba ba ko da ta fi gawayi baƙi.

Daga nan za a gane inda kuskure yake a gidan makoki na Hausawa. Ba a zargin mace don ta sa kore ko ja. Ana zarginta idan ta zo gaisuwa da sabon leshi, da sabon ƙunshi, da turaren da ke riga ta shiga zaure. Abin da za a ce a bayanta shi ne, “Wance biki ta zo.” Namijin da ya shirya cikin baƙi daga hula har takalmi don nuna juyayi, shi ma ba za a fahimce shi yadda ya so ba. Wasu za su ɗauka al'adar Turawa ya kwaikwayo, wasu kuma, musamman idan watan Muharram ne, za su ɗauka ɗan Shi'a ne, tunda an saba ganin baƙaƙen kaya a tarukansu na Ashura.

Asantawa akasin haka suke. Su bikin mutuwa yakan zo makonni ko watanni bayan rasuwa, galibi ranar Asabar, don haka akwai lokacin sayen zane da ɗinki. Dangi na kusa suna sa jan zane da suke kira kobene, ana kuma sa baƙi ko mai duhu da ake kira kuntunkuni. Idan mamacin ya tsufa ƙwarai ya ga jikoki da tattaɓa-kunne, sai a sa fari ko fari da ratsin baƙi, domin mutuwarsa abin godiya ce. Kakanninmu fataken goro da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga da Kumasi sun san wannan sarai. Jikokinsu da ke zuwa ci-rani ne wani lokaci ke tuntuɓe. Bahaushe ya ji maƙwabcinsa ya rasa ɗa saurayi, sai ya ɗauko farar shaddarsa ta Juma'a don girmamawa, bai san a idon masu makokin ya shigo da kayan murna ba.

Wani farin yadi da ya zo Gangara

Bari in tsaya a kan abu ɗaya da ya faru a danginmu, ba tare da na kama suna ba. Wani ƙanen mahaifina ya yi doguwar jinya, har aka fara cire rai, sai Allah ya ba shi sauƙi. Ɗansa yana aiki a Kumasi a shagon wani Ba'asante, mutumin kirki, wanda ya ji labari ya yi murna. Da yaron zai taho gida sai maigidan nasa ya ba shi ƙunshi ya ce a kai wa tsoho. Aka buɗe a tsakar gida gaban mata: farin yadi ne sol, mara zane, mara ɗinki, a naɗe. Gidan ya yi tsit. Uwargida ta ce, “Kai ɗan nan, me ka kawo mana?” Tsohon da kansa ya yi murmushi ya ce, “To, an gode, dama ana bukata.” Kowa ya san abin da yake nufi.

A wajen mai kyautar babu ko ɗigon mugunta. A al'adarsu fari na nasara ne da tsallake haɗari. Mai jego na sa fari, wanda ya tashi daga ciwo na sa fari ya je coci godiya, wanda ya ci shari'a ma haka. Barka da arziki ya aiko. Abin tambaya shi ne, me ya sa mutanen da ke sa fari kowace Juma'a suka ga likkafani?

Na farko, irin yadin. Da farar shadda ce mai zane a jiki, mai sheƙi, ba wanda zai yi tunanin kabari, domin ba a suturta mamaci da shadda a ƙauyukanmu. Wannan kuwa auduga ce tsantsa, irin alawayyon da ake aikawa a yanko idan an yi rasuwa. Bayan haka ba a ɗinka shi ba. Allura na shiga ƙyalle aka fitar da wuya da hannu da aljihu, ya zama na mai rai. Sai yawansa. Da ɗan guntu ne da bai wuce na rawani ko na wando ba, da an wuce wurin. Amma ya kai a fitar da ƙyalle uku ko biyar, adadin da malamai suka so a yi wa namiji sutura da shi. Sannan ga lokaci: mutum bai daɗe da tashi daga tabarmar jinya ba, zukatan gidan duk a tsorace suke. Abu na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, kyautar ta zo babu baki. Ɗan saƙon bai tambayi ma'anarta ba, don haka bai da abin faɗa.

Da ɗaya daga cikin abubuwan nan ya sauya, da saƙon ya sauya. Shaida kuwa ita ce, ba kowane likkafani ne abin ƙi ba. Dattawa da yawa suna sayen nasu da kansu su ajiye a ƙasan akwati, wasu ma daga Makka suke tahowa da shi bayan sun jiƙa shi da ruwan Zamzam. Wanda ya tanadi nasa, tsoron Allah ya nuna. Wanda aka aiko wa ba tare da ya nema ba, an yi masa fatan tafiya.

Gyaran bai yi wuya ba. Yaron ya buga waya Kumasi, maigidansa ya yi bayani cikin kunya, aka mayar wa tsoho da Hausa. Washegari aka kai yadin wajen tela aka yi jallabiya biyu, ya sa ɗaya ya je masallacin Juma'a. Amma har yau idan an ambaci mutumin a gidan, “mai likkafani” ake ce masa, cikin raha. Sunan da kyauta ta jawo wa mutum yakan daɗe fiye da kyautar.

Biki

A ɗaurin aure fari na maza ne. Ango da abokansa da waliyyai duk suna iya fitowa fari fat, ba wanda ya ci fuskar wani. A Turai kuwa, tun bayan da Sarauniya Victoria ta yi aure cikin farar riga a 1840 wannan launi ya zama na amarya, har ana ganin rashin ladabi ne wata baƙuwa ta sa shi. A Indiya, wajen mabiya Hindu, amarya ja take sawa, fari kuma na matar da mijinta ya mutu ne. Ɗalibanmu da ke karatu a can su kiyaye.

Ɓangaren mata launin amarya shi ne jan lalle, kuma lefe ana son a gan shi kala-kala. Guy Nicolas, wanda ya yi shekaru yana nazarin kwarin Maraɗi, ya rubuta littafi guda a 1986 kan kyauta da ramuwarta a wannan ƙasa, Barbara Cooper kuma ta rubuta tarihin aure a Maraɗi a 1997. Duka biyun sun nuna kayan biki abu ne da ake bajewa a gaban jama'a, a ƙirga, a tuna, a rama. Idan haka ne, turmin atamfa ba amarya kaɗai yake yi wa magana ba, da duk matan da suka zo ganin lefe yake yi. Su kuwa abin da suke dubawa shi ne daraja: wace iri ce, za ta zuba ko ba za ta zuba ba. Launi na biyo baya.

Wurin da launi ya taɓa zama matsala ta gaske shi ne anko a lokacin siyasa. A shekarun da jam'iyyu ke tashe a Nijar, ruwan hoda na PNDS Tarayya ne, kore na MNSD Nasara. Uwar biki da ta zaɓi ankon ruwan hoda ana dab da zaɓe, ko da don ya yi mata kyau ne, wasu dangin za su ce ta mai da auren ɗiyarta gangami. Wannan ma'ana ba ta cikin kowane littafin al'ada. Ta zo da zamani, kuma tana iya tafiya da shi.

Dabba da ambulan

A karkara kyauta ba ƙyalle ba ce kaɗai, har da dabba, kuma a nan tsohon addini bai gama sakin launi ba. Ƙasar Maraɗi da Tsibiri, inda Katsinawa da Gobirawa suka kafa sabbin garuruwa bayan jihadin ƙarni na 19, ta daɗe tana riƙe da bori da al'adun Anna. A can ana raba iskoki farare da baƙaƙe, ana kuma sanin kowane iska da launin dabbar da ake yanka masa. Yau mafi yawan mutane sun bar wannan, amma ba su manta ba. Wanda ya kai wa maƙwabcinsa baƙar akuya ƙirin ko jan zakara haka kawai, babu suna babu Salla, zai iya jawo a yi masa kallon wanda boka ya aiko. Farin rago kuwa ko'ina ya shiga lafiya lau. Amma ko a nan jadawali ya faɗi, domin jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai kuma take yawan haifar tagwaye, tana cikin kyautar da mace ta fi so a ba ta.

Sai ƴan Sin, waɗanda hulɗa da su ta ƙaru tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a jihar Damagaram a 2011, ga kuma ƴan kasuwar Maraɗi da ke sarin kaya a Guangzhou. Su launi na aiki a wajensu ko da babu sauran sharuɗɗan da na lissafa. Kuɗin biki da na sabuwar shekara a jar ambulan ake sa su, farar ambulan kuwa ta kuɗin ta'aziyya ce. Mu da muke ɗaukar kowace ambulan muka samu a kanti, wadda kusan kullum fara ce, sai mu miƙa wa ango gaisuwar mutuwa. Akwai kuma koriyar hula: a maganarsu, namijin da aka ce ya sa koriyar hula, matarsa na cin amanarsa. Alhajin da ya zaɓo kyakkyawar hula zanna mai koren zare ya kai wa abokin cinikinsa tsaraba, ya ba shi abin da ba zai taɓa sawa a bainar jama'a ba.

Yadda ake gane an yi kuskure

Bahaushe ba ya mayar da kyauta, kuma kunya ba ta barinsa ya ce an ɓata masa. Alamun a wani wuri suke. Godiyar takan zo gajera, babu addu'ar da ta saba biyo ta. Ba a kira maƙwabta su zo su gani ba. Kwana ya yi kwana ba a ga kayan a jikin wanda aka ba ba, ko a ji an ba almajiri sadaka. Idan mai kyauta ya ga haka, kada ya tunkari wanda ya ba kai tsaye, domin zai ce babu komai. Ya nemi tsohuwar gidan, ko abokin wasa, tunda shi ne al'ada ta yarje wa ya faɗi abin da wasu ke jin nauyi.

Kafin a kai ga haka, mu a nan muna da rigakafin da ba ya cin ko dala, wato bakin da ke raka kaya. Ba a miƙa ƙyalle shiru. Akan ce, “Baba, ga wannan a ɗinka na Salla,” ko “Inna, ga na zuwa suna.” Jimlar nan ita ke faɗa wa mai karɓa cewa ana sa ran ganinsa da rai a ranar. Wanda zai aika kaya ta hannun wani, ya haɗa da maganar, ya kuma tabbatar ɗan saƙon ya riƙe ta. Sai dai wannan magani iyakarsa gida. A makokin Asantawa ko a bikin ƴan Sin, ido na yanke hukunci tun daga bakin ƙofa, kafin baki ya buɗe, don haka a can sai dai mutum ya tambayi ɗan gari tun kafin ya je kasuwa: wa ya rasu, shekarunsa nawa, dangi wane zane suka fitar, kuma kuɗin a cikin me ake miƙa su.